Ninki biyu, fuska shida: yadda ake tsara takardar asibiti da za ta kai ƙarshen damina

Na taɓa tsayawa a barandar wani ƙaramin asibiti a gabashin Haɗeja ranar rigakafi, na ga wata mata ta kwance bakin zanenta ta ciro takardar da aka ba ta watanni biyu da suka wuce. Takardar ta yi laushi kamar tsumma, ta sha zufa, kuma duk inda aka ninke ta ya yi fari ya fara rabuwa. Malamar asibitin ta karɓa ta buɗe don ta nuna mata ranar dawowa, sai ta tarar layin ninki ya bi ta kan lambar farko. Inda aka rubuta makonni 14, abin da ido ke iya gani shi ne 4. Wanda ya tsara takardar bai yi kuskuren ilmi ba, jadawalin da ya rubuta daidai yake. Kuskurensa na milimita biyu ne, kuma a kan waɗannan milimita biyun nake son mu yi magana.

Wanda zai yi wa asibitin Baturiya ko na wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kirikasamma takardar faɗakarwa, ya kamata ya fara sanin irin rayuwar da za ta yi bayan ta bar hannunsa. Yankin nan fadama ce, ƙasar ruwa da kacalla da shinkafa da su, har an shigar da dausayin Baturiya cikin jerin Ramsar a shekarar 2008. Idan kogin Haɗeja ya cika ya batse, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022, akwai garuruwan da sai da kwale-kwale ake shiga. A irin wannan lokaci takardar da ke cikin aljihun maigida ko cikin ledar katin awo ita ce ke tsayawa a madadin ma'aikacin lafiyar da ba a iya kaiwa gare shi ba. Sau da yawa ma mai takardar ba ita ke karantawa ba, ɗanta ɗan firamare ne ko maƙwabci zai karanta mata da fitilar waya. To, duk abin da za a yanke na tsari, a yanke shi da wannan mai karatun a zuciya.

Ana ce mata mai ninki uku, amma a gaskiya ninkinta biyu ne. Layuka biyu ne ke raba takardar A4 a kwance gida uku, gaba da baya kuma ya ba da fuska shida. Ninkin da aka fi sani shi ne na wasiƙa: a buɗe cikin takardar yana kallonka, a karyo gefen dama zuwa tsakiya, sannan a rufo gefen hagu a kansa. Akwai kuma wanda ake karya gefe ɗaya gaba, ɗayan baya, kamar mafici. Wannan na biyun ya fi sauƙin awo domin fuskokinsa daidai suke, sai dai ba ya rufe kansa, yana buɗewa a cikin jaka, kuma ba shi da wani ciki da ke ɓoye daga datti da zufa. Don aikin asibitin karkara ni dai na wasiƙa nake zaɓa, kuma a kansa sauran bayanin zai tafi.

Abin da ke fara ruɗa sabon hannu shi ne wurin bango. Mutum ya buɗe kwamfuta, ya ga shafi an raba shi uku, sai hankalinsa ya ba shi cewa na farko daga hagu shi ne bango, tunda haka ake karatun boko. Ba haka ba ne. A shafin waje, bango yana can ƙarshen dama. Na tsakiya shi ne bayan takarda. Na hagu kuwa shi ne leɓen da ake cusawa ciki. Sai an juya zuwa shafin ciki ne fuskoki uku ke bin juna daga hagu zuwa dama yadda aka saba. Hanyar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce in ɗauki farar takarda tun kafin in taɓa kwamfuta, in ninke ta, in rubuta wa kowace fuska sunanta da biro a daidai lokacin da idona ya faɗa kanta, sannan in warware in ajiye kusa da ni. Minti ɗaya ke nan, amma ya fi duk wani zanen da za a nuna maka.

Wannan gwajin zai nuna maka wani abu da ya fi wurin bango muhimmanci. Mai karatu ba ya ganin takardar a shimfiɗe kamar yadda mai tsarawa ke ganinta a fuskar kwamfuta. Hawa-hawa yake shigarta. Da farko bango kaɗai yake gani. Da ya ɗaga bangon, sai fuska biyu su bayyana tare: ta hagun ciki, da kuma leɓen nan da ke shafin waje. Sai ya ɗaga leɓen sannan cikin gaba ɗaya ya buɗe. Bayan takarda kuwa ana ganinsa ba tare da an buɗe komai ba, duk lokacin da aka ajiye ta a kife. Ke nan leɓen da mutane da yawa ke mayarwa juji, su zuba masa tarihin asibiti ko hoton gini, shi ne fuska ta biyu da ido ke sauka a kai. Wuri ne mai tsada, a ba shi magana mai tsada.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce asibitin yana son takarda kan lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a lokacin damina. A bango, sunan asibiti, hoto ɗaya na uwa da ɗanta cikin irin shigar mutanen yankin, da jimla guda mai faɗa wa mutum abin da ke ciki, kamar a ce: Yaronki da damina, abin da za ki yi a gida da lokacin da za ki kawo shi asibiti. Sunan ya kasance a kashi ɗaya cikin uku na sama, saboda idan aka jera takardu cikin kwali ko aka sa a aljihun riga, saman ne ke leƙowa.

A leɓe sai a sa alamomin haɗari, waɗanda idan aka gani ba a jiran wayewar gari: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da aka ba shi, yana taune-taune, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa yadda ya saba. Layi huɗu ko biyar da manyan haruffa, kowanne da ɗan zanensa. Dalilin sa su a nan shi ne, uwar da hankalinta ya tashi da tsakar dare ɗagawa ɗaya za ta yi ta same su. Kuma leɓen dole ya tsaya da ƙafarsa. Kada jimla ta faro daga fuskar hagu ta ƙare a kansa, domin da zarar an ɗaga shi rabin maganar ya tafi baya.

Fuskoki uku na ciki kowacce ta ɗauki magana ɗaya. Ta hagu, wadda ake gani tare da leɓe, ta ɗauki zazzaɓin cizon sauro: kwana cikin gidan sauro, zuwa gwaji da zarar jiki ya yi zafi, da maganin kariya na damina da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, wanda ake sha kwana uku a jere kowane wata. Ta tsakiya ta ɗauki gudawa: yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ƙunshin, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da shayarwa. Ta dama ta ɗauki jadawalin rigakafi: ranar haihuwa, makonni 6, makonni 10, makonni 14, wata 9, wata 15, da ɗan fili a gaban kowanne inda malamar asibiti za ta rubuta kwanan wata. A baya kuma sai ranakun awo da na rigakafi, lokacin buɗewa, lambar waya da manyan lambobi, da kwatancen hanya irin wanda mutanen gari ke yi wa juna, da masallaci ko kasuwa ko bakin gada, har da inda ake bi idan ruwa ya cinye hanyar da aka saba. Duk bayanin magani, jami'in lafiyar da ke kula da asibitin ya karanta shi ya amince kafin a buga. Mai zane ba ya gyara wa likita lamba.

Yanzu sai awo, inda aikin yake. Takardar A4 faɗinta milimita 297 ne a kwance, tsayinta 210. Idan aka raba 297 gida uku za a sami 99, kuma kusan kowa da haka yake farawa. Matsalar ita ce leɓen zai shiga cikin ninki ne, kuma takarda tana da kauri. Idan faɗinsa ya yi daidai da na sauran, bakinsa zai tokare gindin ninkin, takardar ta ƙi kwanciya, ta yi tozo, ko bakin leɓen ya lanƙwashe kamar kunnen kare. Shi ya sa ake rage masa milimita 2 zuwa 3. Awon da aka fi amfani da shi shi ne 100, da 100, da 97. A shafin waje, tunda leɓen yana hagu, layukan ninki za su faɗa a kan milimita 97 da 197 daga gefen hagu. A shafin ciki kuwa gajeriyar fuskar tana dama, domin ita ce bayan leɓen, don haka layukan suna kan 100 da 200. A lura da kyau, shafukan biyu madubin juna ne. Wanda ya gama shafin waje ya kwafe layukansa kai tsaye zuwa shafin ciki ya riga ya kauce da milimita uku a kowane ninki tun kafin a sa takarda a inji.

Daga kowane layin ninki da kowane bakin takarda, a bar wa rubutu tazara. Masu maɗaba'a kan ce milimita 5 ya isa. Ni ina barin 7 idan na san da hannu za a ninke, domin ma'aikatan asibiti ne za su zauna a kan benci da yamma su ninke ɗari biyu ko uku, kuma hannu ba inji ba ne, kauce wa layi da milimita biyu abu ne da za a yi ta gani. Da tazarar 7, rubutu zai sami faɗin milimita 86 a manyan fuskoki da 83 a gajeriyar. Da haruffa masu girman 12, layi ɗaya zai ɗauki kalma shida zuwa takwas, kuma hakan ya yi wa mai karatu da fitilar waya daidai. Idan bayanin ya ƙi shiga, a rage magana, kada a rage girman harafi ko a ci tazara.

Yawancin takardun da na gani sun lalace ne a Microsoft Word, kuma laifin na awon da yake zuwa da shi ne. Mutum ya kwantar da shafi, ya zaɓi Columns guda uku, ya bar gefuna a kan santimita 2.54 da tsakani a kan kusan 1.27. Idan ka yi lissafi, rubutun fuska ta farko zai ƙare ne a wajen milimita 99, na ta uku kuma ya faro a wajen 198. Ga shi ninkin ciki na biyu yana kan 200. Ma'ana, layin zai bi ta kan harafin farko na kowane layi a fuska ta uku, daga sama har ƙasa. Abin da ya cinye 1 ɗin da ke gaban 4 a takardar matar nan ke nan. A Hausa kuwa farkon layi wuri ne mai haɗari, domin nan ƙananan kalmomi irin su ba da kada suke zama, kuma idan suka goge, umarni ya juye ya zama kishiyarsa. Gyaran ba shi da wuya. A sa gefuna huɗu a kan milimita 7, a shiga More Columns, a cire alamar da ke kan Equal column width, a sa tsakani ya zama 14, wato ninkin gefe sau biyu. Shafin waje ya zama 83, 86, 86, na ciki 86, 86, 83, kuma a raba shafukan biyu da Section Break don kowanne ya riƙe awonsa. Mai aiki da CorelDRAW, wanda shi ne aka fi samu a shagunan buga takardu, ya ja layukan jagora a kan waɗannan lambobi tun kafin ya rubuta kalma ɗaya.

Akwai wani ninki da ba a koyar da shi a ko'ina, amma duk wanda ya zauna a asibitin ƙauye ya san shi. Takardar da aka gama ninkewa tsawonta milimita 210 ne, ba ta shiga aljihun riga ko ƙaramar jakar hannu. Abin da mutum ke yi da ya karɓa shi ne ya sake karya ta biyu a tsakiya. Wannan karin yana faɗawa a wajen milimita 105 daga sama, yana ratsa duka fuskoki shida, kuma tunda takarda uku ya haɗa ya karya, shi ke fara yagewa. Saboda haka nakan ja wani layin jagora a kwance a kan 105, in tabbatar babu lambar waya, babu adadin magani, babu ranar rigakafi a tsakanin 98 da 112. A bar wurin ya zama fili tsakanin sakin layi biyu, ko a sa gefen hoto wanda ko ya goge ba a yi asara ba. A jadawalin rigakafi mai layi shida, uku su zauna sama, uku ƙasa.

Game da takarda da tawada, taƙaitaccen bayani ya isa. Takardar ofis mai giram 80 tana ninkuwa ba gardama amma ba ta da ƙarko. Mai sheƙi ta giram 130 zuwa 150 ta fi jure hannu, sai dai biro ba ya kama ta sosai, kuma muna son malamar asibiti ta yi rubutu a kai, don haka marar sheƙi ta fi dacewa. Daga wajen giram 170 zuwa sama dole a fara tsaga mata hanya da injin kari kafin a ninke, in ba haka ba bayanta zai fashe. Tawadar ƙananan firintoci masu feshi, musamman irin wadda ake ɗurawa, tana narkewa da ɗigon ruwa, abin da bai dace da ƙasar fadama ba. Ta firinta mai hoda ba ta narkewa, amma tana ɓarewa a kan ninki idan an shimfiɗa launi mai duhu. Shi ya sa ban yarda da kore ko shuɗi mai kauri ya ratsa layin ninki ba, balle a ɗora farin rubutu a kansa. Baƙin rubutu a kan farar takarda shi ke kaiwa kaka. Idan a maɗaba'a za a buga kuma ana son launi ya kai har baki, a ƙara rarar milimita 3 a kowane gefe don yanka, shafin ya zama 303 da 216. Idan firintar ofis ce, a manta da wannan, domin ba ta bugawa har baki.

Ranar bugawa ma akwai tarko biyu. Na farko shi ne Fit to page. Idan aka bar shi, na'urar za ta ɗan tsuke shafin, a ce zuwa kashi 96 cikin ɗari, sai tsakiyar filin da ka bari a kan 97 ta koma wajen 99, ta 197 kuma ta dawo wajen 195. Ka ga milimita biyu sun tafi daga tazararka ba tare da ka taɓa komai ba. A zaɓi Actual size. Na biyu shi ne juyin takarda: ga shafi a kwance, Flip on short edge ake zaɓa, in ba haka ba ciki zai fito kai ƙasa. Bayan an buga guda ɗaya, a ɗaga ta a hasken rana a duba ko filayen gaba da na baya sun hau kan juna.

Haruffanmu masu lanƙwasa suna buƙatar a sa musu ido. Ba kowane salon harafi ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma idan babu, kwamfuta kan aro su daga wani salon su fito kamar baƙi a cikin kalma, ko ta sa ɗan akwati a gurbinsu. Andika da Noto Sans duk suna da su. Kafin a kai aiki shagon wani, a mayar da shi PDF, ko a CorelDRAW a yi Convert to Curves bayan an ajiye kwafin da za a iya gyarawa, saboda kwamfutar mai shago ba lalle ta mallaki salon da ka yi aiki da shi ba.

Sai ajami, wanda ina ganin ana yi masa rowa a takardun lafiya alhali dattawa da matan aure da yawa da shi suka fi sakewa. Akwai salon Alkalami da aka yi shi a kan rubutun Kano, don haka uzurin rashin haruffa ya kau. Amma wanda zai yi takardar ajami ya sani cewa komai zai juye. Mai karatun ajami kamar littafin Larabci yake buɗe takarda, saboda haka a shafin waje bango zai koma ƙarshen hagu, baya a tsakiya, leɓe mai 97 a dama, ninki a kan 100 da 200. A ciki kuma karatu zai faro daga dama, gajeriyar fuska ta koma hagu, ninki a kan 97 da 197. Farkon layi, inda haɗarin yake, yanzu yana gefen dama na kowace fuska. Ajami kuma yana son sarari tsakanin layuka saboda wasulla na sama da na ƙasa. Cusa boko da ajami a takarda ɗaya yakan sa duka biyun su ƙanƙance har su kasa karantuwa. Gara a buga iri biyu, a tambayi mai karɓa wanne take so.

Kafin a biya kuɗin buga ɗari biyar, a buga biyar. A ba wanda zai ninke sauran ya ninke su da hannunsa yadda zai yi ranar aiki. Ɗaya a karya ta biyu a sa a aljihu a yi kwana uku ana yawo da ita, ɗaya a yayyafa mata ruwa a shanya. Sauran ukun a miƙa wa mata uku a layin awo ba tare da an yi musu bayani ba, a tsaya a ga ta ina suke fara buɗewa, sannan a roƙi wadda ta iya karatu, ko yaron da ya rako ta, ya nemo lambar waya da ranar rigakafin makonni 14. Idan ya ɗauki lokaci yana jujjuya takardar, a koma kan tsarin fuskoki. Idan ya samu amma ya karanta lambar ba daidai ba, a ɗauko rula a sake auna tazarar da ke tsakanin rubutu da ninki. Ina roƙon shugabannin asibitocinmu na Kirikasamma da Guri da Auyo da su riƙa neman a kawo musu wannan gwajin a ninke, su riƙe shi a hannu su buɗe da kansu, kafin su sa hannu a kan takardar biyan kuɗi.